Yadda aka gyara sanarwar wani shago da ya fara karɓar kati da tiransifa

Shagon da za mu duba lamarinsa ƙarami ne: teburin biya ɗaya, ma'aikata biyu da ke karɓa-karɓa, na'urar kati guda ɗaya, wadda aka fi sani da POS, da asusun banki ɗaya da aka buɗe da sunan shagon. Shekara da shekaru tsabar kuɗi kawai ake karɓa. Da aka kawo na'urar, mai shagon ya rubuta sanarwar da zai manna a gaban teburin biya, ya kuma tura wa abokan cinikinsa ta waya. Ga abin da ya rubuta:

"SANARWA TA MUSAMMAN! Muna farin cikin sanar da ɗaukacin abokan cinikinmu masu daraja cewa, bisa la'akari da yadda zamani ya canza, kuma domin mu ƙara kyautata muku, shagonmu ya shiga sahun masu amfani da fasahar zamani wajen karɓar kuɗi. Yanzu ba sai ka wahalar da kanka da ɗaukar tsabar kuɗi ba. Muna karɓar kowane irin kati, kuma za ka iya yin tiransifa cikin sauƙi, cikin sauri, ba tare da wata matsala ba. Da zarar ka biya sai ka nuna wa ma'aikacinmu shaida ka ɗauki kayanka. Idan an samu matsala za mu mayar maka da kuɗinka nan take. Don ƙarin bayani a tuntuɓi ma'aikatanmu. Mun gode da kuka zaɓe mu."

Rubutun yana da ladabi, kuma niyyarsa mai kyau ce. Amma wanda ya karanta shi yana tsaye da kaya a hannu ba zai san wane kati ake karɓa ba, ba zai ga lambar asusun da zai tura kuɗi ba, kuma ba zai san lokacin da shagon zai ɗauka cewa ya biya ba. Wannan na ƙarshe shi ne babban giɓin. Kusan duk jayayyar da ake yi a gaban teburin biya a kan wannan gaɓar take: mai saye ya ce na biya, ga shi an cire min, mai shago ya ce ni ban gani ba. Dukansu gaskiya suke faɗa. Aikin sanarwar shi ne ta yanke wannan magana tun kafin ta taso, shi ya sa gyaran duka aka gina shi a kanta.

Abin da aka fara zubarwa

Jimlar farko ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na sanarwar, ba ta kuma faɗi ko kalmar kati ba. Mai wucewa da ya ɗaga ido na daƙiƙa biyu ko uku zai tafi bai san me aka sanar ba. An share ta gaba ɗaya, aka sa labarin kansa a layin farko. Haka aka yi da "cikin sauƙi, cikin sauri, ba tare da wata matsala ba", domin shagon ba shi da iko a kan sabis ɗin banki, kuma ranar farko da tiransifa ta maƙale wannan jimlar za ta koma abin nuna wa mai shago da yatsa. "Don ƙarin bayani a tuntuɓi ma'aikatanmu" ita ma ta tafi. Bayanin da aka tura mutane su nema wurin ma'aikaci shi ne ya kamata ya kasance a takardar.

An kuma daidaita yadda ake kiran mai karatu. Rubutun farko ya fara da "muku", ya koma "ka", ya sake komawa "kuka". An tsaya a kan "ku" daga farko har ƙarshe: ya haɗa mace da namiji, babba da yaro, kuma shi ne na girmamawa.

Layin farkon da aka fara gwadawa shi ne "Yanzu muna karɓar kati da tiransifa, ban da tsabar kuɗi." Nan da nan aka janye shi, saboda wani zai fahimci ƙari ne a kan tsabar kuɗi, wani kuma zai fahimci an daina karɓar ta. Tun da jimlar "ba sai ka wahalar da kanka da ɗaukar tsabar kuɗi ba" ta riga ta jefa irin wannan shakkar, sai aka raba maganar gida biyu: muna karɓar kati da tiransifa, tsabar kuɗi ma tana nan yadda take.

Sashen kati

Kafin a rubuta layi ko ɗaya, sai mai rubutun ya san abin da ke faruwa cikin 'yan daƙiƙun da katin ke cikin na'ura. Ma'aikaci ya danna adadin kuɗin. Mai saye ya zura katin ta gefen da ƙwayar ƙarfen take, ko ya kusanta shi da na'urar idan kati ne mai biya da taɓawa, sannan ya sa lambar sirri idan an nema. Na'urar ta aika tambaya ta hannun kamfanin da ya ba shagon ita, tambayar ta isa bankin mai katin. Bankin ya duba ko akwai kuɗi, ko lambar sirrin daidai ce, ko katin bai ƙare ba. Idan ya yarda, ya cire kuɗin ko ya riƙe shi, ya aiko da amsa. Sai amsar ta dawo har cikin na'urar ne rasit ke fitowa da APPROVED.

Wato tafiya ce da dawowa, kuma tana iya yankewa a hanyar dawowa. Bankin mai saye ya amince, ya cire kuɗi, ya tura masa alat, amma amsar ba ta iso na'urar a kan lokaci ba. Na'urar sai ta buga DECLINED ko ta nuna lokaci ya ƙure. Mai saye yana riƙe da wayar da ke cewa an cire masa, shagon kuwa ko sisi bai samu ba, ba kuma zai samu ba. Kuɗin yana tsakanin bankuna, kuma bankin mai katin ne zai mayar masa.

Daga nan ne aka gane cewa kalmar "shaida" a rubutun farko ba za ta zauna ba. A wurin mai saye alat ɗin cire kuɗi shaida ce. A wurin shago shaidar biyan kati ɗaya ce tak, rasit ko fuskar na'urar shagon da ta nuna APPROVED. Haka aka rubuta shi, da haruffan da na'urar ke fitarwa, don wanda bai iya Turanci ba ma ya iya kwatanta siffar kalmar da abin da ke kan rasit.

"Kowane irin kati" an maye gurbinsa da sunayen da yarjejeniyar na'urar ta ƙunsa. A wannan shagon Visa da Mastercard ne. Ba a rubuta wannan da ka ba: an duba takardar kamfanin da ya ba da na'urar, aka kuma gwada da katunan gaske. Duk shagon da na'urarsa ke karɓar wasu katunan, sai ya ƙara sunayensu. Amfanin sunan shi ne mai saye yana iya juya katinsa ya ga tambarin, ya san matsayinsa tun bai tara kaya ba.

An ƙara abu biyu da rubutun farko bai tuna da su ba. Na farko, mai saye ya kalli adadin a fuskar na'urar kafin ya sa kati. Sifili ɗaya da yatsa ya ƙara bisa kuskure yana ninka kuɗin sau 10, kuma gyara shi bayan an amince aiki ne mai cin lokaci, alhali kafin a amince danna maɓallin sokewa ne kawai. Na biyu, mai saye ne zai sa lambar sirrinsa da hannunsa. Ana samun masu miƙa kati su faɗi lambar da baki, musamman dattawa da waɗanda ba su saba ba, su ce wa ma'aikaci ya danna musu. Idan sanarwa ta ce shagon ba ya tambayar lambar sirri, ta kāre mai saye, ta kuma kāre ma'aikacin daga zargi ranar da kuɗi ya ɓace a asusun wani.

Akwai bayanan da aka yi ta muhawara a kansu, a ƙarshe aka bar su a waje. Rasit ɗin da ya ƙi tafiya yakan zo da lamba mai nuna dalili: 51 na nufin kuɗin asusu bai isa ba, 55 lambar sirri ba daidai ba, 54 katin ya ƙare, 91 kuma bankin mai katin ba ya amsawa. Sanin waɗannan yana da amfani ƙwarai, domin wanda ya ga 91 ya san sake zura katin nan take ba lallai ya yi magani ba, wanda ya ga 55 kuma ya san kada ya bari mai saye ya yi ta gwadawa, tun da yawancin bankuna suna toshe kati bayan kuskure uku a jere. Amma wannan ilimin ma'aikaci ne. An rubuta shi a wata ƙaramar takarda da aka manna a bayan tebur, inda ma'aikaci kaɗai ke gani.

Sashen tiransifa

Nan aikin ya fi yawa, domin tiransifa ta bambanta da kati tun daga tushe. A biyan kati na'urar shagon ce ke neman kuɗin, amsar kuma gare ta take dawowa. A tiransifa mai saye ne ke tura kuɗin daga wayarsa, shagon yana zaune yana jira. Duk abin da wayar mai saye ta nuna, labarin ɓangarensa ne kawai. Rubutun `Successful` a manhajarsa yana nufin bankinsa ya saki kuɗin. Bai tabbatar da cewa kuɗin ya sauka a asusun shagon ba, bai ma tabbatar da cewa asusun shagon aka tura wa ba.

Saboda haka jimlar "ka nuna wa ma'aikacinmu shaida ka ɗauki kayanka" ita ce mafi haɗari a duk rubutun farko. Hoton rasit ana iya gyara shi, a canza adadi ko rana. Ana iya nuna rasit ɗin jiya a matsayin na yau. Saƙon alat ma ana ƙirƙirar na bogi, ya shigo wayar mai shago da kamannin na banki. Shagon da ya rubuta da hannunsa cewa nuna shaida ya wadatar, ya buɗe wa mazambaci ƙofa, kuma ya ɗaure hannun ma'aikacinsa, don ba zai iya hana kaya ba alhali takardar da ke saman kansa ta ce a bayar. Abin dogaro shi ne ma'aikaci ya buɗe manhajar bankin shagon, ko jerin shigar kuɗi a na'urar idan tana nunawa, ya ga adadin, da sunan mai turowa, da lokacin.

Wahalar ita ce yadda za a faɗi wannan ba tare da an sa mutumin kirki ya ji ana zarginsa ba. An gwada "Ba ma yarda da hoton rasit saboda 'yan damfara", aka ga ta yi kaushi, kamar ana kallon kowane mai saye a matsayin ɓarawo. An zaɓi a faɗi ƙa'idar kawai, a nuna ta shafi kowa: biya ya kammala idan kuɗin ya bayyana a asusunmu, mu za mu duba, hoton rasit ko alat ba ya maye gurbin wannan. Idan doka tana rubuce a bango, ma'aikaci yana iya nuna ta ya ce wa dattijo "Baba, a yi haƙuri, haka tsarin yake ga kowa", ba wanda zai ji an ware shi.

Wannan layin yana jawo wani aiki da ba ya cikin rubutu. Idan mai shago kaɗai ke iya ganin asusun, kuma ba ya zama a shagon, alkawarin "mu za mu duba" ya zama kiran waya da jira a kowane ciniki. Kafin a manna sanarwar sai da aka tabbatar duk ma'aikacin da ke kan tebur yana da hanyar ganin shigar kuɗi, ba tare da yana da ikon fitar da shi ba.

Sai bayanan asusun. An rubuta abu uku, kowanne a layinsa: sunan banki, lambar asusu, sunan asusu. Lambar an yi ta da manyan haruffa fiye da komai a takardar, an rarraba ta uku-uku ko huɗu-huɗu don ido kada ya tsallake ɗaya. A saƙon waya kuwa an tura ta a haɗe ba tazara, ita kaɗai a layi, don a kwafe ta kai tsaye. Sunan asusun an kwafo shi harafi da harafi yadda yake fitowa a manhaja idan aka sa lambar, ko da ya ɗan bambanta da sunan da ke kan allon shagon. Inda manhajar banki ke nuna sunan mai karɓa kafin a tura, wannan sunan ne birkin ƙarshe. Mai saye da ya kuskure lamba ɗaya zai ga baƙon suna ya tsaya, amma sai idan an gaya masa sunan da ya kamata ya gani. Kuɗin da ya tafi asusun wani kuwa dawo da shi yana hannun bankuna da wanda ya karɓa, shagon ba shi da ta cewa.

An ƙara "Wannan ne kaɗai asusunmu." Gajeren layi ne, amma yana toshe hanya biyu: ma'aikacin da zai ce sabis ɗin asusun shago ba kyau a tura a nasa, da wanda zai zo ya manna wata lamba a kan ta shagon. Saboda na biyun ne aka sa takardar cikin leda mai tauri, aka kuma ɗora wa mai buɗe shago duba lambar kowace safiya.

Alkawarin da ba na shago ba

"Za mu mayar maka da kuɗinka nan take" ta haɗa abubuwa daban-daban a jaka ɗaya. Idan na'ura ta ƙi amma an cire wa mai saye, kuɗin ba ya hannun shagon, don haka ba abin da zai mayar. Mai shagon da ya ciro daga aljihunsa ya bayar saboda kunya, ya yi asara, domin bankin zai mayar wa mai saye nasa daga baya. Idan tiransifa ta maƙale, wayar mai saye tana nuna `Pending`, kuɗin yana iya isowa bayan mintoci, yana iya komawa inda ya fito. Wanda ya sake turawa cikin gaggawa yana iya biya sau biyu. Shagon yana da abin mayarwa ne kawai idan kuɗi ya shigo masa fiye da na kayan, kuma a nan ma ta hanyar da ya zo ya kamata ya koma: na kati ya koma katin, na tiransifa ya koma asusun da ya turo. Mayar da shi da tsabar kuɗi, ko zuwa wani asusu dabam da mai saye ya faɗa, yana barin shagon ba shi da hujja idan ainihin mai asusun ya kai ƙorafi.

Ba a sa adadin kwanakin da banki ke ɗauka kafin ya mayar da kuɗi ba, saboda ya danganta da banki da dokar ƙasa, kuma duk lambar da shago ya rubuta za a riƙe shi da ita. Abin da aka rubuta shi ne abin da shagon ke iya cikawa: zai ba da rasit ɗin DECLINED, wanda ke ɗauke da rana, lokaci, adadi da lambar cinikin da banki zai nema, zai kuma ajiye kayan har zuwa lokacin tashi.

Batun caji kuma layi ɗaya ya ishe shi. Shagon ya yanke ba zai ƙara komai a kan farashi ba, aka rubuta "daga gare mu", domin bankin mai saye yana iya cire nasa kuɗin tiransifa. Wanda ke son ƙara caji a kan biyan kati, ya fara duba yarjejeniyarsa da dokar inda yake, don akwai wuraren da aka hana.

Yadda ta fito

"Yanzu muna karɓar kati da tiransifa. Tsabar kuɗi ma tana nan. Ba ƙarin caji daga gare mu.

Biya da kati: Visa ko Mastercard. Ku duba adadin a fuskar na'ura kafin ku sa kati. Ku sa lambar sirrinku da kanku, ba ma tambayar ta. Biya ya kammala idan na'urarmu ta nuna APPROVED.

Biya da tiransifa:
Banki: ……
Lambar asusu: ……
Sunan asusu: ……
Wannan ne kaɗai asusunmu. Idan wani suna dabam ya fito, kada ku tura. Biya ya kammala idan kuɗin ya bayyana a asusunmu, mu za mu duba. Hoton rasit ko alat ba ya maye gurbin wannan.

Idan an cire muku kuɗi bai iso gare mu ba: kada ku sake biya sai mun duba tare. Za mu ba ku rasit ku kai bankinku, mu kuma ajiye muku kayan har lokacin tashi. Kuɗin da ya shigo mana sau biyu, za mu mayar ta hanyar da ya zo."

Sabuwar ba ta fi tsohuwar gajarta ba, ta ma ɗan fi ta tsawo, kuma hakan bai dami kowa ba. An maimaita "biya ya kammala idan" sau biyu da gangan, da kalmomi iri ɗaya, don ido ya kama bambancin hanyoyin biyu a wuri guda.

Kafin a buga ta, an ba mutum biyu da ba su san shagon ba su karanta sau ɗaya, aka karɓe takardar, aka tambaye su: wane kati ake karɓa, yaushe za a ba ku kaya idan kun yi tiransifa, me za ku yi idan an cire muku amma na'ura ta ƙi? Sun amsa biyun farko daidai. A ta uku ɗaya ya ce shagon ne zai biya shi, saboda a wancan zubin layin ya ce "za a mayar muku da kuɗinku" bai faɗi wa zai mayar ba. Wannan ne ya sa aka canza shi zuwa "za mu ba ku rasit ku kai bankinku", yadda yake a sama. Daga nan aka yi gwajin ƙarshe: wani ya kwafi lambar asusun daga takardar da aka buga, ba daga wayar mai shago ba, ya tura ɗan ƙaramin kuɗi, ma'aikacin da ke kan tebur ya buɗe manhaja ya gan shi ya shigo da sunan mai turowa, sannan aka manna ta.